Igiyar ba ta ɗaukar nauyin ko ɗaya daga cikinsu

Tambayar gajeriya ce. An rataya igiya a kan gargare mai juyawa ba tare da cijewa ko kaɗan ba, an ɗaura bulo mai kilo 5 a gefe ɗaya, mai kilo 3 a ɗaya gefen, aka sake su. A nemo yadda gudunsu ke ƙaruwa, wato a, da ƙarfin da igiyar ke ja da shi, wato T. An ce a ɗauki g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara gudun abin da ke faɗuwa, a matsayin 10 m/s².

Ni kuwa na raina ta. Na ce ai babban bulon ne ke rataye da igiya, kuma ƙasa na jan sa da ƙarfin newton 50, ko 50 N a taƙaice, wato kilo 5 sau g, to T shi ne 50 ke nan. Daga nan na koma kan ƙaramin: igiya na jan sa sama da 50, ƙasa na jan sa da 30, saura 20, na raba da kilo 3, na samu kusan 6.7 m/s². Har na ja layi a ƙarƙashin amsar.

Sai da na waiwayi babban bulon na ga ɓarnar. In igiya na riƙe shi da 50, ƙasa kuma na jan sa da 50, to babu abin da zai motsa shi. Ke nan lissafina na cewa babba na tsaye cik, ƙarami kuma na tashi sama a guje, alhali igiya ɗaya ce ta haɗa su, kuma ba ta miƙewa. Duk taƙin da wannan ya sauka, shi wancan zai hau. Dole a ɗinsu ya zama ɗaya.

Na share komai na zana kowane bulo shi kaɗai, da kibiya biyu a jikinsa: ɗaya ƙasa, ɗaya sama. A nan ne na koyi abin da ya fi yi mini amfani. Maimakon in ce sama ita ce tarawa ga duka biyun, sai na bi hanyar tafiyar igiya. Ga babban bulo, ƙasa ita ce gaba. Ga ƙarami, sama ita ce gaba. Kowane ƙarfi da ke taimakon tafiya ya samu alamar tarawa, mai hana ta ya samu ta ɗebewa:

50 − T = 5a
T − 30 = 3a

Da na haɗa layukan biyu, T ya fice da kansa, ya bar 20 = 8a. Saboda haka a = 2.5 m/s². Wannan 8 ɗin shi ne abin da na tsallake da farko. Rarar newton 20 ba ƙaramin bulo kaɗai take ja ba, duka kilo 8 take ɗawainiya da su. Na mayar da 2.5 cikin layi na biyu, T = 30 + 7.5 = 37.5 N. Na gwada a layi na farko: 50 − 37.5 ya ba da 12.5, daidai da 5 sau 2.5.

Yanzu kafin in taɓa lissafi nakan san inda T zai faɗo. Dole ya wuce 30, in ba haka ba ƙarami ba zai hau ba, kuma dole ya gaza 50, in ba haka ba babba ba zai sauko ba. Da na yi wannan tunanin tun farko, da 50 ɗin nan bai kai ga takarda ba. Haka ma a: ba zai kai 10 ba, don abin da aka sake ya faɗo babu igiya ne kaɗai ke samun g cikakke. Wannan rage gudun ma shi ne dalilin da masanin lissafi George Atwood ya bayyana irin wannan na'ura ta gargare da igiya a 1784, don faɗuwa ta yi sanyin da agogon zamaninsa zai iya aunawa.

Na daɗe ina ɗaukar maganar "babu cijewa" a matsayin ado ne na tambaya. Ashe ita ce, tare da ɗaukar cewa gargaren da igiyar ba su da nauyi, ta ba ni damar rubuta T guda a layukan biyu. In gargaren na da nauyi, sai an kashe wani ƙarfi wajen juya shi, jan ɓangaren babban bulo ya fi na ƙarami, kuma haɗa layukan ba zai ƙara fitar da T ba.

Tambayar tana da wutsiya: nawa ƙugiyar da ke riƙe da gargaren ke ɗauka? Hannuna har ya fara rubuta 80, wato 50 da 30. Na tsaya. Gargaren bai san da bulo ba, ɓangarorin igiyar biyu kawai ke jan sa ƙasa, kowanne da 37.5. Amsar 75 N ce muddin suna cikin tafiya, sai an kulle gargaren sun tsaya sannan ta zama 80.