Sai ta koya wa wani take ganewa

Aji biyar nake koyarwa a wata firamare a Garwa, ajin da ya cika har yara huɗu ke matsuwa a benci ɗaya. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba. In na yi mata tambaya da Faransanci sai ta sunkuyar da kai, a lissafi kuma ba ta wuce maki 7 cikin 20.

Muna kan rabawa, na ba su 525 a raba gida 5. Yawancinsu suka rubuta 15, har da ita, don sun tsallake sifirin tsakiya. Lokacin tara ya yi, yara suka fita, na ji ƙanƙanuwar murya a bayan aji tana bayani da Hausa gauraye da Fillanci. Ita ce, da allonta, wani yaro na tambayar ta yadda ta samu 15. Ta fara nuna masa, sai ta tsaya cak. Ta ce, "Tsaya. In mutum biyar kowa ya karɓi sefa 15, ai 75 ke nan. Ina sauran kuɗin?" Ta zana ƙwandala biyar ta ɗari ɗari, kowa ya ɗauki ɗaya. Saura 25. Goma biyu ba za su ishi mutum biyar ba, nan ta sa sifiri, ta farfasa kuɗin biyar biyar. Ta rubuta 105.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, ba wai ta sani ne tana ɓoyewa ba. Ba ta sani ba! A bakinta ilimin ya haɗu, lokacin da tambayar yaron ta tilasta mata faɗin dalili.

Sai na ba ta yara biyu, minti goma kullum, da yaren da ta ga dama, amsa kuwa a rubuta da Faransanci. Ina fara duba lissafi ɗaya a allonta tukuna, don mai koyar da kuskure mutum uku yake ɓatarwa.

Ran da na je jana'iza, malamin da ya riƙe mini aji ya ji labarinta, ya kira ta gaban babban allo. Ta daskare, alli na rawa a hannunta, yara suka tuntsire da dariya. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Me ya kai shi? Yarinyar da ƙarfinta yake a benci, murya ƙasa ƙasa! Ta daina koya wa kowa, makinta ya zube.

Ban lallashe ta ba. Na tura mata wata ƙaramar da ta kasa 618 a raba gida 6, na ce, "Je ki wurin yayarki ta duba miki." Da ƙyar ta karɓi allon. A jarrabawar ƙarshen zango ta ci 14, kuma ban yarda kowa ya sake kiran ta gaban aji ba.