Sandunan MACD ɗin da suka sa na sayar da ETH ɗina da wuri

Da na fara amfani da MACD, wato ma'aunin da ke nuna ƙarfin tafiyar farashi a kasuwa, ni dai kuros kawai nake jira, layin MACD ya sauko ya ratsa layin sigina sannan na sayar. Kusan kullum kafin kuros ɗin ya zo farashi ya riga ya zubo, rabin ribata ta tafi. Wani aboki ne ya ce min, kai malam waɗancan sandunan da ke tsakiya ba ado ba ne fa.

Sandunan nan, wato histogiram, ba komai ba ne illa tazarar da ke tsakanin layukan biyu. A saitin da aka saba, 12, 26, 9, layin MACD shi ne EMA 12 a cire EMA 26, shi EMA matsakaici ne da ke ba sabbin farashi ƙarin nauyi, sigina kuma EMA 9 ne na shi layin MACD ɗin, sanda ita ce MACD a cire sigina. Kenan kuros shi ne lokacin da sanda ta kai sifili, kuma kafin ta kai sifili ai sai ta ragu. Thomas Aspray ne ya ƙara sandunan nan a 1986 kan abin da Gerald Appel ya ƙirƙira, saboda wannan lattin dai da ke damuna.

Gwajina na farko a ETH/USDT ne, wato kuɗin kirifto na Ethereum a farashin USDT mai bin dala, kyandir na awa 4, kowane kyandir na nuna motsin farashi na awa huɗu. Na saya a 2,400, ya hau har 2,610, a nan MACD na 52 sigina na 34, sanda 18. Kyandirori uku na gaba suka rufe a 2,622, 2,628, 2,630, kowa na murna wai ana ta sabon sama, amma sanduna suka koma 16, 13, 9, a TradingView ma launinsu ya koɗe daga kore mai duhu zuwa mai haske. Farashi na hawa amma kamar mota ce da aka ɗaga ƙafa daga totur. Na sayar da rabi a 2,630. Kuros bai zo ba sai bayan kyandir huɗu, lokacin yana 2,560. Wallahi ranar ji na yi na gano sirrin kasuwa.

To sai kai ya kumbura. Bayan kamar sati biyu na sake ganin sanduna na raguwa, 14, 11, 8, 6, ban tsaya komai ba na sayar duka, har na buɗe shot ƙarami a kai, wato cinikin da ke cin riba in farashi ya sauka. Farashi ya kwanta wuri ɗaya na kwana guda, sanda ta tsaya a 5, ta juya ta fara tsawo kuma, kuros bai zo ba sam, ETH ya wuce ya bar ni, shot ɗin kuma sitof-los, wato iyakar asarar da na sa, ya cinye shi.

Sai da na zauna da kalkuleta na gane. EMA 9 yana matsowa kashi 20 cikin 100 na tazarar a kowane kyandir, saboda haka ko layin MACD bai sauka ko kaɗan ba, ya tsaya cak kawai, sanda za ta ragu da kanta, 18 ta koma 14.4 ta koma 11.5 ta koma 9.2. Wato sigina ne ke kamo shi daga baya, ba wai masu sayarwa ne suka shigo ba. Ko farashi na ta hawa da gudu iri ɗaya ma sandunan raguwa suke yi a hankali. Abin da suke faɗa shi ne gudu ya daina ƙaruwa, ba su ce an juya ba, ni ne na ƙara wannan da bakina. Duba lambobina na biyu ma, 14 zuwa 11 ai kusan kashi 20 ɗin ne, hutu kawai kasuwa ta yi.

Yanzu in sanda ta ragu ina duba ko raguwar ta wuce kashi 20 ɗin nan, domin in ta wuce to layin MACD kansa ya fara lanƙwasowa ƙasa, kamar 13 zuwa 9 na karon farko. Kuma ba na karanta sandar ƙarshe sai kyandir ya rufe, kirifto ba ta barci, sandar da ta gajarta da tsakar dare tana iya komawa doguwa kafin awa 4 ɗin su cika, wannan ya sha yaudarata. A kyandir na minti 5 kuwa na haƙura gaba ɗaya, launi na canzawa kamar hawainiya.

In sanduna uku sun ragu a jere ina rage kashi ɗaya cikin uku, na matsar da sitof-los ƙarƙashin kwarin da farashi ya yi na baya-bayan nan, sauran na bar shi. Shot kam ba na taɓawa sai kyandir ya rufe a ƙasan wannan kwarin.