Ɓarin da ya fi baƙi

Wata na uku ke nan da fara aikin likita, ina kwanan aiki a ɗakin gaggawa, aka kawo wani matashi ɗan acaba da mota ta buge shi a ɓarin dama. Yana magana amma a tsintsinke, numfashi 28 a minti, bugun zuciya 112, hawan jini bai faɗi ba tukuna. Na tura shi hoton ƙirji.

Da fim ɗin ya zo na ɗaga shi a fitila. Nan take na ga haƙarƙari uku a karye, na biyar zuwa na bakwai, sai idona ya maƙale a nan. Daga baya na koma huhun hagu da ya yi fari-fari, na ce a raina jini ne ya kwanta a cikinsa. Na dama kuwa baƙi wuluk, tas da shi, na ɗauka lafiya lau yake.

Dattijon da ke ɗaukar hoton ya biyo fim ɗin da ƙafarsa, abin da bai saba yi ba. Ya ce, “Likita, bi min jijiyoyin dama daga tsakiya zuwa bango.”

Na ce, “To, Baba.”

A lafiyayyen huhu, jijiyoyin jini suna fitowa daga gindinsa kusa da zuciya kamar rassan bishiya, suna sirancewa har dab da haƙarƙari. A hagu na bi su har ƙarshe. A dama sai suka katse a rabin hanya, a kan wani siririn farin layi kamar zanen fensir, mai lanƙwasa yana bin fasalin ƙirji. Bayan layin babu komai, ko zare ɗaya. Layin nan shi ne bakin huhun da ya motse, baƙin kuwa iska ce da ta zubo tsakanin huhu da bangon ƙirji. Na aza ma'auni daidai gindin huhu, daga layin zuwa bangon ƙirji: santimita 4. Abin da aka koya mana shi ne santimita 2 a wurin ma kusan rabin huhu ya tafi.

Sai ya sa yatsa a ƙasan wuya. Bututun iska baƙin zane ne da ya kamata ya sauko a kan ƙashin baya, amma wannan ya karkata hagu. Zuciya ma ta matsa hagu. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda a dama ya kan ɗan fi tudu saboda hanta, ya baje ya yi ƙasa. Kafin in yarda sai da ya sa na duba kawunan ƙasusuwan wuya biyu: nisansu ɗaya daga tsinin ƙashin baya, wato ba karkacewar mara lafiya ce ta jawo haka ba. Farin da na gani a hagu, lafiyayyen huhu ne da aka matse jijiyoyinsa wuri guda.

Na koma a guje. Jijiyoyin wuyansa sun ɗaga, hawan jini ya sauka 85 bisa 50, ɓarin dama ba motsin numfashi, in na ƙwanƙwasa sai amo kamar ganga. Na soka babbar allura tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, daidai tsakiyar ƙashin wuya, ta saman na uku don kauce wa jijiya. Iska ta fito fuuu. Babbana ya zo muka sa roba ta gefen hammata zuwa kwalba mai ruwa. Yaron ya rayu, alhamdulillahi.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuskuren karatun ba ne. Da na saurari ƙirjinsa da kyau tun farko, da ban bar shi ya tafi ɗakin hoto ba kowa tare da shi ba. Irin wannan iska mai matsi, in ya riga ya fara kayar da jini, da kunne da hannu ake gane shi, ba a jiran fim.

Bayan makonni aka kawo yarinya da ƙwayar gyaɗa ta sarƙe. Ita ma huhunta na dama ya motse, amma fim ɗin akasin wancan ne: ɓarin ya yi fari, haƙarƙarin sun matsu, bututun iska da zuciya sun jawo zuwa daman. Iska a wajen huhu turawa take yi, cikakkiyar toshewa a cikin bututunsa jawowa take yi. Da na soka mata allura, da na ƙara mata ciwo.

Har yau layin kan so ya yaudare ni, musamman a tsofaffi ramammu da aka ɗauka a kwance, inda ninkin fata ko gefen allon kafaɗa ke zana abu mai kama da shi. Sai in matso da fim ɗin fitila, in duba ko jijiyoyi sun tsallake layin, ko kuwa layin ya zarce wajen haƙarƙari. In sun tsallake, fata ce.