Yadda na koyi rubuta lambar asusu huɗu-huɗu a shagon POS

Shagona yana bakin kasuwar ƙauyenmu, a hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ina cajin waya, ina sayar da kati, amma babban aikina cire kuɗi da tura kuɗi. Da kaka ta yi, riɗi da gyaɗa suka shigo kasuwa, nakan tura kuɗi sau hamsin ko fiye a yini guda, kuma kowane turi yana rataye ne a kan lamba goma da wani ya karanto mini, ko ya miƙo a 'yar takarda da ta sha gumi a aljihu.

Abin da ya canza mini yadda nake rubuta lamba ya faru ne a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tura kuɗi ko yana so ko ba ya so. Wani dillalin riɗi ya sayi buhu shida a wurin kawuna, ya ce in tura wa Kawu kuɗin ta asusunsa. Kawu yana gida ba ya jin daɗi, sai na kira shi a waya, ga hayaniyar kasuwa, ga sabis yana yankewa. Na canza lambar a nan, amma siffarta ke nan: 0125553408.

Kawu ya karanto: "Sifili, ɗaya, biyu, biyar uku, uku, huɗu, sifili, takwas."

Na rubuta abin da kunnena ya ji, a jere babu rata: 012533408. Na shigar, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na ɗora wa sabis laifi, na ce wa dillali ya ɗan jira. Sai da na sa bakin biro ina ƙirga lambobin ɗaya bayan ɗaya na ga tara ne. Na sake kiran Kawu na ce, "Kawu, lamba ɗaya ta ɓace."

Ya ce, "Yaro, ai na ce maka biyar uku. Biyar guda uku a jere."

Shi yana nufin 555, ni na rubuta 53. Harshenmu ne ya ba da wannan ƙofa, don "huɗu biyu" na iya zama 42, na iya zama 44, kuma duk mai faɗa yana ganin ya faɗa daidai. Kusan rabin awa muka ɓata, motar dillali ta kusa tashi, mutum goma suna tsaye a rana. An yi sa'a kuɗi bai tafi ko'ina ba, amma na kwana ina tunanin yadda na kalli lamba tara sau uku ban ga ta gaza ba.

Ido ba ya iya ƙirga goma a kallo ɗaya, shi ne dalilin. Ka duba mai tumatir a kasuwa: idan ta kasa huɗu-huɗu, daga nesa za ka ga tsibin da ya rage ɗaya ba tare da ka ƙirga ba. Idan kuwa a zube suke cikin faifai, sai ka sa hannu. Haka lamba take. Washegari na ɗauki rula na ja layuka a littafin shago, na raba wurin lamba gida uku: na farko mai cin huɗu, na biyu mai cin huɗu, na uku mai cin biyu. Lambar asusun banki a Najeriya goma ce cif, tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin da ake kira NUBAN, saboda haka huɗu da huɗu da biyu kullum sai sun cika. Lambar Kawu ta zama 0125 5534 08. Da na zuba kuskurena na jiya a cikin gidajen, sai ya fito 0125 3340 8, gidan ƙarshe da lamba ɗaya tilo. Da haka na rubuta tun farko, kafin in kashe waya zan gani.

Kullum daga hagu nake farawa, ragowar ta faɗa a ƙarshe. Na taɓa barin ƙanena a shago, shi kuma ya riƙa rabawa uku, uku, huɗu. Ba laifi ba ne, mutane da yawa haka suke yi, amma littafi ɗaya da tsari biyu ya hana ni duba shafi daga sama zuwa ƙasa in ga layin da ya karkace. Amfanin abin yana cikin maimaita tsari ɗaya har ido ya saba. Wata fa'ida da ban zata ba ita ce sifilin farko. Asusu da yawa da sifili suke farawa, kuma wasu sukan tsallake shi wajen faɗa don suna ganin ba komai ba ne. Idan gidan ƙarshe ya gaza da ɗaya, tambayata ta farko ita ce, "Akwai sifili a gaba?" Sau da yawa nan matsalar take.

Karatun ma na gyara shi. Yanzu nakan ce wa mai kira, "Baba, ba ni huɗu ka tsaya." Ya faɗi huɗu, in rubuta, in maimaita masa, sannan mu wuce. Kowace lamba da sunanta ita kaɗai: biyar, biyar, uku, huɗu. Ba na karɓar "hamsin da biyar", ba na karɓar "biyar biyu". A waya kuma bakwai da takwas sukan yi kama, haka biyu da biyar idan ƙarshen kalma ya yanke, don haka nakan tambaya, "Bakwai ta bayan shida?" Dattawa sun fi kowa jin daɗin wannan, domin mai karatu da yatsa a kan takarda yana samun wurin hutawa, ba ya ɓatar da inda ya tsaya.

Akwai inda na bar huɗu-huɗu da gangan. Asusun OPay da PalmPay galibi lambar wayar mutum ce aka cire sifilin farko. Mai ita ya haddace ta da kiɗan lambar waya, huɗu, uku, huɗu. Idan na maimaita masa da nawa rabon sai ya yi turus, ya ce ba tasa ba ce, alhali ita ce. Irin wannan nakan bar shi ya faɗi lambar wayarsa yadda ya saba, in rubuta sha ɗaya, in soke sifilin, sannan in zuba goman a gidajena.

Kada kowa ya ɗauka rabon nan yana kama kowane kuskure. Yana nuna lambar da ta ɓace ko ta ƙaru, amma ba ya nuna wadda ta juye. Idan na rubuta 5543 maimakon 5534, gidaje sun cika, shafi ya yi kyau, lamba kuwa ba daidai ba. Gaskiya ne lambar ƙarshe ta NUBAN ta tantancewa ce, ana lissafo ta daga sauran taran da lambar bankin, shi ya sa yawancin irin wannan kuskure na'ura kan ƙi shi. Amma ba duka ba, kuma lamba goma iri ɗaya tana iya zama ta wani mutum a wani banki dabam idan hannu ya zaɓi bankin da ba shi ba. Saboda haka ba na danna tura sai sunan mai asusu ya fito a fuskar na'ura, kuma ba na karanta sunan in ce "Shi ne?", don mai sauri zai ce e kawai. Nakan ce, "Alhaji, wane suna ne a kai?" Shi zai faɗa, ni in gwada da abin da nake gani.

Darasi na gaba ya kusa jinkirta kuɗin wani. Na tura wa wani mai sayen zoɓorodo lambar asusun manomi a saƙo, a rarrabe da rata kamar yadda na saba. Ya kwafa ya liƙa a manhajar bankinsa, ta ce lamba ba ta cika ba. Akwatin yana karɓar harafi goma ne kawai, kuma ya ƙirga ratar biyu a ciki, sai ya yanke lambobi biyu na ƙarshe. Wasu manhajoji suna share ratar da kansu, wasu ba sa yi. Tun daga nan rata ta ido ce da baki kawai a wurina. A na'ura, ko a lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro, a haɗe nake shigarwa. Idan saƙo ne nakan rubuta sau biyu: ta haɗe a layinta ita kaɗai don kwafa, ta rarrabe a ƙasa don karantawa.

Katin cire kuɗi shi tun daga banki yake zuwa a rabe. Visa tana farawa da 4, Mastercard galibi da 5, dukansu lamba 16, gida huɗu cif. Verve, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu, wani yana da 16, wani ya kai 19, wato gida huɗu da ragowar uku, don haka kada ka ga ukun nan ka ce kati ya lalace. Mutane kan miƙo mini kati su ce a turo musu kuɗi ta lambar da ke jiki. Nakan nuna musu da gidajen littafina cewa wannan ta fi ƙarfin wurin, lambar kati dabam, lambar asusu dabam.

Lambar kati kuwa ba na rubuta ta gaba ɗaya a littafi, ko mai ita ya ce in rubuta. Lamba huɗu na ƙarshe kawai nake ɗauka, tare da kwanan wata da adadin kuɗi. Takardar da na'ura ke fitarwa ma rufe tsakiyar lambar take yi da taurari. Idan an cire wa mutum kuɗi na'ura ta ce bai fita ba, huɗun nan da lokacin da abin ya faru su ne za mu bi sawu da su. Littafin shago kuwa yana kwana a kan tebur, hannu da yawa suna taɓa shi.

Wata rana wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo da waya a kunne, kati a ɗaya hannun. Wani ne ya kira ta ya ce daga banki yake, za a rufe mata asusu. Ta ce, "Ɗana, karanta masa, ya ce huɗu-huɗu za a faɗa, idona ba ya gani." Ta riga ta lalubo masa gidan farko. Na karɓi wayar na kashe. Na ce, "Inna, lambar asusu goma ita ake bayarwa don a turo miki kuɗi. Wannan doguwar ta jikin kati, da watan ƙarewarsa, da ukun da ke baya, da lambar sirri, da wadda ake turowa a saƙo, ba a karanta wa kowa su a waya, ko ya ce shi ne manaja." Gidan farko na kati nau'insa da wani ɓangare na lambar bankinsa yake nunawa, dubban mutane suna da irinsa, don haka bai samu abin da zai yi amfani da shi ba. Ya sake kira sau uku muna zaune, ba mu ɗauka ba.

Kafin ta tafi na yanko kwali daga kwalin sabulu, na rubuta mata lambar asusunta da manyan baƙaƙe, huɗu, huɗu, biyu, da sunan bankin a ƙasa. Ta naɗe shi a leda ta ƙulle a bakin zane. Duk ranar da ɗanta zai turo kuɗi daga Legas, kwalin take miƙa wa jikarta 'yar aji huɗu, yarinyar ta karanta gida ɗaya, ta tsaya har uban ya maimaita, sannan ta wuce na gaba.