Ni da bakina na ce ya turo min saƙon murya

Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, don ba wai ban san da 'yan damfara ba ne, ni ne ma mai yi wa mutanen gidanmu huɗuba a kansu. Ina da shagon atamfa da shadda a wajen kasuwar Terminus a Jos, Yayana ke saro mana kaya daga Kwari, kusan kullum akwai kuɗi tsakaninmu. Ranar wata Laraba bayan la'asar shago ya cika, sai ga saƙo daga WhatsApp ɗinsa, wai ya samu dila biyu da sauƙi, mai kayan zai rufe, in tura dubu 380 a wani akawun. Sunan da ya fito ba nasa ba ne, kuma wallahi na lura. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne, na rubuta "Yaya turo min da murya in tabbatar."

Ko minti uku ba a yi ba saƙon ya shigo, sakan goma sha ɗaya. "Kai ni ne mana, yi sauri mutumin na jira, akawun ɗin yaronsa ne." Muryar Yaya ce har da 'yar shaƙewar nan tasa. Na tura. Sai bayan isha'i da na kira layinsa in ji ko an ɗora kaya a mota ya ce wane kaya, shi tun safe an fitar da shi daga WhatsApp. Ashe wani ya kira shi wai za a sa shi a guruf ɗin 'yan kasuwa, ya karanta masa lambobi 6 ɗin da suka shigo wayarsa.

Muryar kuma ba nisa suka je nema ba, Yaya na saka bidiyon tallan kaya a TikTok, ya yi ta magana minti biyu uku. Tun 2023 Microsoft suka nuna wata fasaha mai kwaikwayon muryar mutum da sakan 3 kacal. Ni da na ɗauka abin na Turanci ne kawai, ashe akwai wanda ɓarawon zai yi magana da bakinsa da Hausarsa, manhajar ta juya sautin ya fito da muryar wani.

Na saurari saƙon ya fi sau talatin daga baya. Babu hayaniya ko kaɗan, mutumin da ke tsakiyar Kwari amma ba ihun 'yan dako ba hon ɗin adaidaita, shiru kamar cikin ɗaki. Ba sallama, kuma Yaya bai taɓa fara magana da ni bai kira ni da sunan da ake tsokanata da shi a gida ba. Amma gaskiya kar kowa ya dogara da kunnensa, a cikin shago da kwastoma uku a kaina ban ji ko ɗaya ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne na nemi shaida a hanyar da ɓarawon ke riƙe da ita, kamar ka tambayi mai shago ko kayansa na da kyau. Katin naira hamsin ya isa in kira layinsa, kuma wayar na aljihunsa duk yinin.

Banki na je washegari, suka karɓi ƙorafi suka ce za su tuntuɓi ɗaya bankin a rufe akawun ɗin, amma kuɗin tuni an kwashe. Da a daren na kira su wataƙila da an tarar da wani abu.

Yanzu dokar shago, duk saƙon kuɗi sai an kira layin mutum kai tsaye da lambar da ke ajiye a waya, ba kiran WhatsApp ba, ba kuma wata sabuwar lamba da aka ce "wayata ta lalace" ba. In bai ɗauka ba kuɗi na nan zaune, ko da kayan za su wuce mu. Sabon akawun kuma in ya haura dubu 50 sai ni da Yaya mun ji daga bakin juna. Kowa na zaunar da shi na kunna masa Two-step verification na WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da mutum ke zaɓa da kansa, a Settings sannan Account, da Yaya na da shi da lambobi 6 ɗin nan kaɗai ba su isa su shiga ba.

A gida kuma mun tsayar da wata kalmar sirri da za a tambayi duk wanda ya nemi kuɗi, baki da baki muka yi ranar Juma'a, na hana a rubuta ta a guruf tunda guruf ɗin ne farkon abin da ɓarawo ke gani. Wahalar ita ce kunya, ƙanwata ta ce ita ba za ta iya titsiye Yaya da tambaya ba, sai da shi da kansa ya ce duk wanda ya tura kuɗi bai tambaye shi ba shi zai biya. Hajiya kuwa sati bai cika ba ta faɗa wa maƙwabciyarta kalmar wai ta burge ta, dole muka sake wata.