Kiran farko da na ɗauka a layin Hausa

Daren jajibirin ranar da zan fara amsa kira a sashen kula da masu hulɗa na wani kamfanin waya, barci ya ƙaurace mini. Na kwana ina saƙa tambayoyin da za a iya yi mini, ina haddace amsoshinsu. Wannan haddar ce ta kusa kai ni ta baro.

Da safe hannuna har gumi yake. Wata Anti da ta daɗe a wurin ta ce in ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi a hankali ina ƙirga shida, sau biyar. Tsawaita fitar da numfashi shi ke lafar da bugun zuciya, kuma muryar da ke rawa takan daidaita. Ta kuma ce gaisuwa kaɗai zan riƙe a ka, sauran yana bakin mai kira.

Wani dattijo ne ya fara shigowa. Ya ce, "Yarinya, jiya na sa katin ɗari biyar…" Ina jin kalmar kati sai hankalina ya bar shi ya tafi neman amsa. Na yanke cewa katin ne ya ƙi shiga, na fara bayanin yadda ake danna *311* da lambobin kati, sannan #. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ai ya shiga. Na ce miki da asuba na duba, saura ɗari uku da hamsin, kuma ban kira kowa ba."

Ya faɗa kuwa, ni ce ban ji ba. Raina bai so ba, domin bawan Allah ya yi bayaninsa tsaf. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wato kuɗi sun shiga, amma ana cirewa ba ka yi kira ba?" Ya ce yauwa. Da na duba layin, ashe wani tsarin saƙonni ne da bai san an sa masa ba yake cin kuɗin. Na soke shi, na nuna masa *305# don ya riƙa dubawa da kansa.

Tun ranar na gane alamar da ke nuna hankalina ya gudu: biro ya tsaya. Muddin ina saurare, hannuna na rubuta kalma biyu ko uku daga bakin mutum, kamar "jiya", "500", "asuba". Idan takarda ta zauna fari alhali yana magana, to amsa nake shiryawa a zuci. Sai in dafa ƙafata a ƙasa, in kama kalmarsa ta ƙarshe, in maimaita masa abin da na fahimta kafin in taɓa kwamfuta.

Shiru ma na daina tsoronsa. Dattawa sukan dakata su nemo kalma, kuma sau da yawa ainihin matsalar tana fitowa ne bayan wannan ɗan dakatawar. Yanzu nakan ƙirga biyu a raina kafin in buɗe baki.