Goron ɗaurin aure: yadda fitowa ɗaya ta mayar da ni kasuwa

A Agege da ke Legas aka haife ni, a nan na yi wayo, shi ya sa ranar da aka ba ni aikin rubuta fitowar kasuwa a wani wasan kwaikwayo na rediyo na ɗauka ruwa ta sha. Labarin ba wani mai tsawo ba ne: kawun amarya zai je sayen goron ɗaurin aure, a can ya ci karo da mutumin da yake binsa bashi. Minti huɗu aka ba ni. Na zauna dare ɗaya na gama.

Ga abin da na rubuta a sama: kasuwa ta cika ta batse, hayaniya ko'ina, ana kiɗan kalangu, jaki na kuka daga nesa. Kawu ya ce a auna masa goro mudu biyar, mai goro ya kwance buhu ya zazzage a tabarma.

Malamin da ke koya mana aikin ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni. "Yaushe rabonka da ganin jaki a Agege?" Na yi shiru. "Goron kuma uban wa ya ce maka aunawa ake yi? Wannan kasuwar ta cikin kanka ce. Tashi ka je ta gaske, kada ka dawo sai da abin da kunnenka ya ji."

Abin ya yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa. Kasuwar da na rubuta irin wadda baƙo ke zana wa Bahaushe ce, ga shi kuma ni ɗan gida na ɗauko ta na yafa.

Washegari da hantsi na tafi rumfar wani dattijo abokin mahaifina, wanda tun ina yaro nake wucewa ta gabansa ban taɓa tsayawa na duba me yake yi ba. Na same shi da kwando a tsakanin ƙafafunsa, an shimfiɗe cikinsa da ɗanyen ganye, yana ɗaukar goro ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Wani ya mayar, wani ya jefa a tasa.

"Baba, wannan da kake warewa fa?"

"Sankara ce, ɗana. Duba nan."

Wani ɗan ƙaramin huji ne, kamar an soka allura. Ya fasa goron da farce, sai ga cikin ya yi baƙi-baƙi da gari. Ƙwaro ne ke shiga ya ci, kuma idan aka bar guda ɗaya a kwando sai ya ja wa sauran. Saboda haka mai goro ba ya rufe kaya ya manta. Lokaci-lokaci zai buɗe ya tsince, ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa kaɗan. Ruwan ya yi yawa, goro ya ruɓe ko ya yi tsiro. Iska ta buge shi, ya yanƙwane ya rasa ƙaras ɗin nan da ake so. Ka ga ke nan mutumin da na sa ya zazzage buhu a tabarma cikin rana, jarinsa na sa ya ƙona da hannunsa.

Batun mudu kuwa, dariya ya yi har da tari. Goro ƙirga shi ake yi, kuma ƙwarya ɗaya goro 100 ce. Shi biyar-biyar yake ɗiba, hannu ashirin ya cika ƙwarya, bakinsa na motsi ba ka jin komai sai ƙarar goron yana faɗawa kan ɗan'uwansa. Kuma ba a cewa "a ba ni goro" kawai. Akwai marsa, manyan da aka zaɓa. Akwai minu, ƙananan. Akwai fari akwai ja, farin ya fi daraja wurin kyauta. Akwai sabon goro da ke yawaita daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara, akwai daushe wanda ya kwana biyu a ajiye, ɗacinsa ya kwanta, kuɗinsa ya hau. Da na ji haka na gane cewa sai na san watan da aka ɗaura auren cikin labarin kafin na san abin da kawu zai tarar a rumfa.

Ya ɗan taɓa mini tarihi ma, ko da yake ban tambaya ba. Da can fatake Gwanja suke zuwa, a ƙasar Gana ta yau, shi ya sa Yarabawa ke kiran irin goron da muke ci gbanja, mai ɓari biyu, daban da nasu abata mai ɓari uku ko huɗu da suke hidimar al'ada da shi. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa, Hausawa suka zauna a wurare irin su Agege da Shagamu suna saye suna ɗaure huhu suna turawa Arewa. Yana cikin wannan bayani wata Bayarabiya ta kawo masa kaya, ya juya harshe suka yi cinikinsu da Yarabanci tsaf, sannan ya dawo kaina da Hausa kamar ba a yi komai ba. Wannan juyin harshe shi ne Agege, kuma ko alamarsa babu a rubutuna na farko.

Na dawo da shafi shida, na kuwa yi kuskure na biyu: na cusa su duka. Kawu ya koma malamin makaranta, yana yi wa mai goro bayanin Gwanja da layin dogo. Malam ya ja layi a kai. "Mutum biyu da suka san abu ba sa yi wa juna bayaninsa. Bar uku, ka zubar da sauran." Sai da na yi kwana biyu ina jin haushin 1912 ɗina.

Ga yadda fitowar ta tsaya. A bayan fage, odar jirgin ƙasa sau ɗaya, kwandastan danfo, motar hayar Legas, na kiran Oshodi, sai ƙarar ƙirga.

"Alhaji, ƙwarya uku nake so. Ɗaya marsa, fari, na manyan baƙi. Biyu matsakaita na rabo a masallaci."

"Masha Allah, abin ya zo ke nan. Taya."

Kawu ya taya, mai goro ya ce albarka, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ƙara, ya sake cewa albarka. A na uku ya ce, "Don 'yar tamu ce, na sallama," ya jefa guda biyar gyara. Sai kawu ya rage murya: "Marsan nan, a mayar da shi rabin ƙwarya." A daidai nan mai bin bashi ya yi sallama.

Wannan rabin ƙwaryar ita ta ɗauki nauyin fitowar. Babu inda na ce kawu na cikin matsi, amma duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya ji aljihun ya yi ƙasa, ya kuma gane mutumin ya fi son ya rage a ɓoye da a gani a bainar jama'a. Sankarar da na fi ƙauna, jimla ɗaya ta samu: "Ka duba mini da kyau, kada a fasa a gaban surukai a ga gari."

Ranar ɗauka sai wata matsala ta taso. Mai haɗa sauti ya kawo tsakuwa a kwano don ƙarar ƙirga, muka saurara, ƙarar ta yi kaifi kamar ana wasan dara. Na hau Keke na koma wurin Baba na sayo rabin ƙwarya na minu da ganyensa. Sau huɗu muka maimaita fitowar, kafin na biyar mai fitowa a kawu da abokan aikinsa sun cinye sha ɗaya, dole aka sa mai goro ya ƙirga a hankali.